Kasafin Gida a Kwamfuta: Yadda Ake Gina Lissafin da Ƙarin Layi Ba Ya Ɓatawa

A shekarar 2010 wasu manyan masana tattalin arziki biyu a Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar da wani bincike da ya ce idan bashin da ke kan ƙasa ya haura kashi 90 cikin ɗari na arzikin da take samarwa a shekara, bunƙasarta na ja da baya sosai. 'Yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da shi. Sai a 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, ya karɓi ainihin jadawalin Excel da suka yi aiki da shi, ya bi shi gida-gida. Cikin abubuwan da ya gano har da wannan: fomular da ya kamata ta haɗa ƙasashe 20 ta tsaya a ta 15. Ƙasashe biyar, Ostiraliya da Ostiriya da Beljiyam da Kanada da Denmak, suna nan rubuce a shafin, amma lissafi bai taɓa su ba. Kwamfuta ba ta yi ƙorafi ba, ta ba da amsa tsaf, kuma amsar ta yi shekara uku tana yawo.

Wannan kuskuren shi ne dai wanda ke cin magidanci da ya buɗe Excel ko Google Sheets don ya san inda albashinsa ke tafiya. Fomula tana da iyaka, jerin kuɗin da aka kashe kuwa kullum ƙaruwa yake. Ranar da jeri ya wuce iyakar fomula, jimla ta zama ƙarya, kuma babu abin da zai nuna maka.

Kafin mu shiga, mu daidaita harshe. Kowane ɗan akwati a jadawalin za mu kira shi gida. Gidajen da suka jeru a kwance su ne layi, kuma lamba ce sunansu: 1, 2, 3. Waɗanda suka jeru a tsaye su ne ginshiƙi, sunansu harafi ne: A, B, C. Saboda haka C7 na nufin gidan da ke ginshiƙin C, layi na 7.

Inda abin yake karyewa

A ce wani malamin makaranta a Kano ya rubuta abin da ya kashe a farkon wata, bayani a gefe, kuɗi a ginshiƙin C. Shinkafa naira 38,000 a C2, man girki 12,000 a C3, katin wuta 10,000 a C4, kuɗin adaidaita 15,000 a C5, magani 6,500 a C6. A C7 ya sa jimla:

```
=SUM(C2:C6)
```

Amsa ta fito 81,500, kuma daidai ne. Bayan kwana biyu gas ya ƙare, ya cika na 14,000. Babu gurbi tsakanin magani da jimla, sai ya danna kan layi na 7 ya ƙara sabon layi. Jimla ta sauka zuwa C8, ya rubuta 14,000 a C7. Yanzu ainihin abin da ya kashe 95,500 ne. Amma fomular har yanzu C2 zuwa C6 ta sani, don haka tana iya ci gaba da nuna 81,500.

Fomula kamar yaron shago ce da aka ce masa ya ƙirga buhunan da ke tsakanin wannan alama da waccan. Idan an cusa sabon buhu a tsakiya zai ƙirga shi. Idan an ajiye shi bayan alamar ƙarshe, ko da yana jingine da ita, ba ruwansa. Da malamin ya ƙara layin a tsakanin C3 da C4, da fomular ta miƙe da kanta ta koma C2:C7. Matsalar a bakin iyaka take, sama da ƙasa. Idan ya ƙara layi a saman shinkafa, fomular za ta zame gaba ɗaya ta koma C3:C7, sabon layi na 2 ya zauna a waje.

Wani zai ce shi ya gwada a Excel kuma jimlar ta gyara kanta. Gaskiya ne, Excel yana da wani tsari da yake lura idan an rubuta lamba daf da ƙarshen jeri, sai ya faɗaɗa fomular. Sai dai ba kullum yake yi ba. Ya danganta da yadda aka shigar da lambar da kuma ko tsarin a kunne yake. A ganina wannan taimakon ya fi rashinsa haɗari, domin yana koya wa mutum sakin jiki. Ya yi maka sau da yawa ka daina dubawa, ranar da bai yi ba ba za ka sani ba.

Akwai wanda ma ba ya amfani da SUM, sai ya jera gidajen ɗaya bayan ɗaya:

```
=C2+C3+C4+C5+C6
```

Wannan ba ta miƙewa ko da a tsakiya aka ƙara layi. Kuma ranar da aka goge layi guda daga ciki, sai gidan jimla ya nuna `#REF!`, wato fomula tana neman gidan da babu shi. Ko ba komai dai wannan kuskure ne mai ihu, ana ganinsa a gyara. Mai shiru shi ne abin tsoro.

Kowace lamba gidanta ɗaya

Gyaran yana farawa ne tun kafin a rubuta kashe kuɗi ko ɗaya. A buɗe shafi na musamman, a sa masa suna Tushe. Nan ne kaɗai za a rubuta lambobin da kasafin ya dogara a kansu, waɗanda ba kullum suke canzawa ba amma wata rana za su canza. Malaminmu zai rubuta suna a ginshiƙin A, lamba a ginshiƙin B: albashi 180,000 a B2, kuɗin da yake samu daga koyar da yara da yamma, 40,000, a B3, hayar gida ta shekara 360,000 a B4, kuɗin makarantar yara na zango ɗaya 45,000 a B5, kason da yake son ajiyewa, 10%, a B6.

Dalilin keɓe su shi ne abin da ke faruwa idan ba a keɓe ba. Mutum ya rubuta `=360000/12` a gida ɗaya don ya san hayar wata, ya sake rubuta 360000 a wani gidan da ke lissafin shekara, ya kuma rubuta 30000 da hannu a na uku. Mai gida ya ƙara haya. Ya gyara wuri biyu, ya manta na uku, domin lambar da aka binne cikin fomula ba a ganinta sai an danna gidan. Ƙa'idar ita ce: duk lambar da za ta iya canzawa, a rubuta ta sau ɗaya tak a Tushe, sauran wurare su riƙa nuni zuwa gare ta. Amma kada a wuce gona da iri. Watanni 12 na shekara ba sa buƙatar gida, ba wanda zai ƙara su.

Sai a raɗa wa gidajen suna. A Excel, danna B2, ka duba ɗan akwatin da ke sama ta hagu inda aka rubuta B2, ka share, ka rubuta Albashi, ka danna Enter. A Google Sheets ana bi ta Data, sannan Named ranges. Suna ba ya ɗaukar tazara a tsakiya, don haka a haɗe kalmomin: KudinGefe, HayarShekara, KudinZango, KasonAjiya. Ni nakan bar haruffa masu lanƙwasa a waɗannan sunaye, don kada wata rana a rasa su a madannin wata waya ko kwamfuta. Daga nan fomula ta zama magana da kowa zai karanta:

```
=(Albashi+KudinGefe)*KasonAjiya
=HayarShekara/12
=KudinZango*3/12
```

Ta farko ta ba da 22,000, wato kashi goma na 220,000. Ta biyu ta ba da 30,000, abin da ya kamata a ware wa haya kowane wata duk da cewa sau ɗaya ake biya a shekara. Ta uku ta ba da 11,250, kuɗin zango uku da aka raba wa watanni. Idan an cire su duka daga 220,000, abin da ya rage na cefane da sauran hidima shi ne 156,750. Ranar da haya ta koma 420,000, gida ɗaya za a taɓa, B4. Hayar wata ta koma 35,000, ragowar ta koma 151,750, ba tare da an buɗe fomula ko ɗaya ba.

Suna yana maganin wata cutar kuma. Idan ka rubuta fomula mai nuni zuwa B6 sannan ka ja ta ƙasa don ta cika layukan da ke biye, B6 za ta koma B7, sannan B8, gidajen da babu komai a cikinsu, amsa ta riƙa fitowa sifiri. Tsohon maganin shi ne alamar dala, a rubuta `$B$6`, wadda ke hana nunin motsi lokacin kwafa. Yana aiki, amma bayan wata shida wa zai tuna mene ne a `$B$6`? KasonAjiya kuwa ba ya zamewa, kuma yana faɗin kansa.

Abu na ƙarshe a Tushe: a yi wa gidajen shigarwa launi. Akantoci sun saba rubuta lambar da aka shigar da hannu da shuɗi, fomula kuma da baƙi. Ko a cika gidajen da ruwan ɗorawa mai haske. Amfaninsa yana fitowa ranar da uwargida ko babban ɗa ya zauna zai gyara wani abu: an gaya masa mai launi kaɗai ake taɓawa.

Jeri marar ƙarshe

Yanzu ga ainihin maganin ƙarin layi. A buɗe shafi na biyu, a kira shi Littafi. A layi na 1 a rubuta kanun ginshiƙai huɗu: Rana, Bayani, Rukuni, Kudi. Kowane kashe kuɗi layi ɗaya, a jere, ba tsallake. Kuma, wannan shi ne abin da mutane suka fi ƙin yarda da shi, kada a sa jimla a ƙasan jerin. Mun saba da littafin takarda inda ake ja layi a ƙasa a rubuta jimla. A kwamfuta jimlar da ke ƙasa ita ce bangon da ke tilasta maka cusa layi a bakin iyaka. Jimla ta koma wani shafin, ƙasan jeri ya zauna a buɗe.

A Excel, tun daga fitowar 2007 akwai abin da ake kira Table. Danna ko'ina a cikin jerin, ka latsa Ctrl+T, ka tabbata an yi alama a kan My table has headers, ka danna OK. Jerin zai sauya kama, layukan su yi launi bi da bi. Sai ka shiga Table Design, inda aka rubuta Table Name ka sa masa suna Kashe. Daga wannan lokacin ba ka ƙara ambaton lambar layi:

```
=SUM(Kashe[Kudi])
```

Ma'anarta, haɗa duk abin da ke ginshiƙin Kudi na teburin Kashe, ko layi biyar ne ko dubu biyar. Idan malaminmu ya rubuta gas a layin da ke daf da na ƙarshe, teburin zai haɗiye shi, launi ya sauko ya rufe shi, jimla ta koma 95,500. Ko a sama ya cusa layi a cikin teburin, ko a tsakiya, duk ɗaya ne.

Tebur ma yana da iyakarsa. Idan ka tsallake layi ɗaya ka rubuta a na gaba, ba zai miƙe ba, abin da ka rubuta yana waje. Alamar ita ce launin bai sauko ba. A kusurwar ƙasa ta dama na teburin akwai 'yar alama ƙarama, ana jan ta ƙasa a shigo da layukan da suka fita. Haka kuma idan ka kulle shafin da Protect Sheet, tebur yana daina miƙewa. Don haka a kulle Tushe ko shafin jimla idan ana so, a bar Littafi a buɗe.

Wanda ke aiki da Google Sheets, musamman a waya, yana da hanya mafi sauƙi: ya nuna ginshiƙin gaba ɗayansa.

```
=SUM(Littafi!D:D)
```

Wannan tana aiki a Excel ma. Kan ginshiƙin, kalmar Kudi, ba ya hana komai, domin SUM ba ta kula rubutu. Sharaɗi biyu ne kawai. Kada fomular ta zauna a cikin ginshiƙin D ɗin da take haɗawa, domin za ta haɗa da kanta, kwamfuta ta yi gargaɗin cewa lissafi yana zagaye. Kuma kada a sa ƙananan jimloli na mako ko na wata a cikin ginshiƙin, domin za a ƙirga kuɗi sau biyu.

Masu karatu a Maraɗi ko Damagaram da Excel ɗinsu ke Faransanci: tsarin ɗaya ne, sunaye ne suka bambanta. SUM ita ce SOMME, SUMIFS da za mu gani yanzu ita ce SOMME.SI.ENS, kuma inda muka sa waƙafi a cikin fomula ku `;` za ku sa.

Kowane rukuni nawa ya ci

Jimla ɗaya ba kasafi ba ce. Abin da magidanci yake son sani shi ne nawa ya ware wa abinci, nawa ya ci, nawa ya rage. A shafi na uku a yi wani ƙaramin tebur, a sa masa suna Takaice, da ginshiƙai huɗu: Rukuni, Kasafi, Kashewa, Saura. A Rukuni a jera Abinci, Wuta, Sufuri, Lafiya. A Kasafi a rubuta abin da aka ware wa kowanne, kuma tunda shi ma shigarwar hannu ne, a yi masa launi. Sauran biyun fomula ne:

```
=SUMIFS(Kashe[Kudi],Kashe[Rukuni],[@Rukuni])
=[@Kasafi]-[@Kashewa]
```

Ta farko tana cewa: shiga teburin Kashe, ka haɗa kuɗin duk layin da rukuninsa ya yi daidai da sunan da ke wannan layin nawa. Alamar `@` na nufin wannan layin. Sau ɗaya ake rubuta ta, tebur ya cika sauran da kansa. A lissafin malaminmu, Abinci zai nuna 50,000, shinkafa da man girki. Wuta 24,000, kati da gas. Sufuri 15,000, Lafiya 6,500. Idan ya ware wa abinci 90,000, Saura za ta nuna 40,000. In gobe biki ya taso ya ƙara rukunin Gudummawa a ƙasan teburin, fomulolin za su sauko da kansu.

Hanya mafi sauƙi ga mai farawa ita ce kowane wata ya yi sabon kwafin fayil ɗin, ya share abin da ke Littafi. SUMIFS tana iya tace kwanan wata, amma wannan darasin wata rana ne.

A nan ne wata sabuwar ɓaraka take shigowa, kuma mu Hausawa ta fi kama mu. SUMIFS ba ta damu da babban baƙi ko ƙarami ba, amma ta damu da kowane harafi. Maigida ya rubuta Abinci, ɗansa ya zo shigar da man girki ya rubuta Abinchi. A wurin kwamfuta wannan wani rukuni ne dabam da ba ya cikin Takaice. Naira 12,000 ta ɓace daga lissafin abinci, Saura ta nuna 52,000 maimakon 40,000, maigida ya shiga kasuwa da ƙarfin gwiwa. Ko tazara ɗaya da aka bari bayan kalma, wadda ido ba ya gani, haka take yi.

Rigakafin shi ne a hana rubuta rukuni da hannu. A zaɓi ginshiƙin Rukuni a Littafi, a shiga Data, sannan Data Validation, a zaɓi List, a ba shi jerin rukunan. Daga nan kowane gida zai fito da 'yar kibiya, zaɓa ake yi. Sai dai idan aka kwafo rubutu daga wani wuri aka liƙa, wannan shingen ba ya tarewa. Shi ya sa ake buƙatar mai gadi.

Gidaje biyu na gadi

A saman shafin jimla, inda ido zai fara sauka, a ware gida biyu:

```
=SUM(Kashe[Kudi])-SUM(Takaice[Kashewa])
=COUNTA(Kashe[Kudi])-COUNT(Kashe[Kudi])
```

Dukansu sifiri ya kamata su nuna kullum. Na farko yana haɗa kuɗin ta hanya biyu, kai tsaye daga Littafi da kuma ta rukuni-rukuni, ya cire ɗaya daga ɗaya. A maganar Abinchi, Littafi zai ce 95,500, Takaice ya ce 83,500, gidan ya nuna 12,000. Ba faɗakarwa kawai ya yi ba, ya ba ka adadin da za ka nema. Ka duba layin da ke da 12,000, ga ɓarawon nan.

Na biyu yana kama abin da na farko ba zai taɓa gani ba. Mutum ya saba rubuta N5000 ko 5k a saƙon waya, sai ya rubuta haka a gidan kuɗi. A wurin kwamfuta wannan rubutu ne, ba lamba ba, kuma SUM da SUMIFS duk tsallake shi suke yi. Tunda hanyoyin biyu sun tsallake shi tare, mai gadi na farko zai ce lafiya lau. COUNTA tana ƙirga duk gidan da ke da wani abu a ciki, COUNT kuwa masu lamba kaɗai take ƙirgawa. Idan bambancinsu ya nuna 1, akwai gida ɗaya da aka rubuta kuɗi a matsayin rubutu. Gano shi ba wuya: idan ba a taɓa tsarin gidajen ba, lamba tana jingina dama, rubutu yana jingina hagu. A rubuta 5000 zalla. Mai son ganin alamar naira ya sa ta ta hanyar Format Cells, ba da hannu ba.

Kafin ka ba wannan jadawali amanar albashinka, ka gwada shi da gangan. Rubuta naira 1,000,000 a layin da ke ƙasan na ƙarshe, ka ga ko jimla ta yi tsalle. Goge, ka cusa layi a saman na farko ka sake rubutawa. Ka ɓata sunan rukuni ɗaya, ka ga ko mai gadi na farko ya motsa. Ka rubuta 5k a wani gida, ka ga ko na biyu ya nuna 1. Ka canza haya a Tushe, ka bi duk inda haya ta shafa. Duk gwajin da bai motsa lambar da ya kamata ta motsa ba, ka danna gidan ka karanta fomularsa, ka gyara ta tun kafin kuɗin gaske su shiga.